Sauƙin buɗewar huhu da ƙarfin tsukewarsa: darasi da balan-balan ga ɗaliban shekarar farko

Kafin ku karanta wannan takarda, kowannenku ya samo balan-balan guda uku irin waɗanda ake sayar wa yara ranar Sallah, da farar leda guda ɗaya, domin abin da za mu tattauna ya fi saurin shiga kai idan an ji shi a kumatu. Ku hura balan-balan ɗaya, ku lura da ƙarfin da kuka sa kafin ya kumbura, sannan ku saki bakinsa ku ga yadda iskar take ficewa ba tare da kun matse shi ba. A wannan ɗan aiki kun taɓa siffofi biyu na huhu. Ta farko ita ce sauƙin buɗewa, wadda littattafanku suke kira komfulayans, ta biyu kuma ƙarfin tsukewa irin na danƙo, wato ilastik rikoyil.

Sauƙin buɗewa shi ne yawan iskar da take ƙaruwa a cikin huhu a duk lokacin da bambancin matsi tsakanin cikinsa da kewayensa ya ƙaru da ma'auni ɗaya. Ana rubuta shi haka, inda C yake nufin sauƙin buɗewa, ΔV ƙarin iskar, ΔP kuma ƙarin bambancin matsin:

C = ΔV / ΔP

Mu ɗauki baligi mai lafiya yana numfashi a zaune. Kafin ya ja iska, matsin da ke cikin siririn sararin da ke tsakanin huhu da bangon ƙirji yana wajen −5 cmH2O, wato santimita na ruwa, ma'aunin da ake auna matsi da shi, idan kuma ya gama ja sai ya sauka zuwa wajen −7.5, kuma a tsakanin nan iska mililita 500 ta shiga. Idan aka raba 500 da 2.5 za a sami mililita 200 a kan kowane cmH2O, kuma wannan shi ne adadin da aka saba bayarwa ga huhu biyu su kaɗai. Bangon ƙirji ma yana da nasa sauƙin buɗewar, kusan daidai da na huhu, amma da yake dole a buɗe su tare, idan aka haɗa su adadin yana faɗuwa zuwa wajen 100. Ɗalibai da yawa sukan tara su su rubuta 400, kuma kuskure ne. Ku cusa balan-balan ɗaya a cikin wani ku hura su tare, kumatunku za su gaya muku cewa aikin ya ƙaru.

Ƙarfin tsukewa kuwa shi ne abin da yake mayar da huhu girmansa na farko bayan an buɗe shi, kuma shi ne dalilin da ya sa fitar da numfashi a lokacin hutu ba ya buƙatar aikin tsoka. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki takan saki jiki kawai, huhu ya koma da kansa. Siffofin biyu kishiyoyin juna ne, domin abin da yake da wuyar buɗewa da ƙarfi yake komawa, abin da yake buɗewa a banza kuma ba ya da ƙarfin komawa. Saboda haka kada kalmar sauƙi ta ruɗe ku har ku ɗauka cewa yawansa alamar lafiya ce.

Ku hura ledar ku gani. Da ɗan numfashi kaɗan za ta cika, amma idan kuka saki bakinta sai ta zauna a kumbure, iskar ba ta fita sai kun sa hannu kun matse. Haka huhun mai cutar emfisima yake, wadda aka fi gani ga waɗanda suka daɗe suna shan taba. Zaruruwan danƙo da bangon ƙananan jakunkunan iska sun lalace, iska tana shiga da sauƙi amma tana maƙalewa, ƙirji ya buɗe kamar ganga, mara lafiya kuma ya riƙa tsuke leɓɓansa yana fitar da numfashi a hankali. Akasin wannan shi ne balan-balan biyun da kuka cusa a juna, masu wakiltar huhun da tabo ya taurara, wato faiburosis, kamar yadda yake faruwa ga masu fasa dutse da suka shekara suna shaƙar ƙurarsa. Irin wannan mutum numfashinsa gajere ne, kuma da sauri yake yin sa.

Daga ina ƙarfin tsukewar yake fitowa? A balan-balan amsar ɗaya ce, roba. A huhu amsar biyu ce, kuma a nan ne misalin namu ya fara gazawa. Akwai zaruruwan ilastin masu miƙewa, da na kolajin masu tauri waɗanda suke taka wa buɗewar burki idan huhu ya kusa cika, kamar yadda balan-balan yake ƙin karɓar iska dab da fashewarsa. Amma waɗannan kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suke bayarwa. Sauran kashi biyun daga ɗan ruwan da ya shafe cikin jakunkunan iska yake fitowa, domin duk inda ruwa ya haɗu da iska, samansa yakan ja kansa ya tsuke. Kurt von Neergaard ne ya nuna haka a 1929, lokacin da ya cika huhu da ruwa a maimakon iska, ya ga cewa matsi kaɗan ya isa ya buɗe shi, tunda babu sauran wurin da ruwa yake haɗuwa da iska.

Dokar Laplace, P = 2T / r, inda P yake nufin matsi, T jan saman ruwa, r kuma rabin faɗin jakar, tana nuna cewa idan jan saman ruwan bai canza ba, ƙaramar jaka ta fi babba buƙatar matsi kafin ta zauna a buɗe. Wannan ya yi kama da abin da kuka ji a hurawar farko, lokacin da balan-balan yake ƙarami kuma ya fi gardama, ko da yake a can taurin roba ma yana da hannu. Abin da yake ceton huhu shi ne safaktan, wani sinadari mai maiƙo da ƙwayoyin halitta nau'i na biyu na jakunkunan iska suke fitarwa, wanda yake rage jan ruwan, kuma ya fi rage shi idan jakar ta ƙanƙance. Jaririn da aka haifa bakwaini yakan zo kafin huhunsa ya tara isasshen safaktan, don haka kowane numfashi a wurinsa tamkar hura sabon balan-balan ne daga farko. Mary Ellen Avery da Jere Mead ne suka danganta wannan wahala da rashin safaktan a 1959.

Akwai wani wuri kuma da misalin yake buƙatar gyara. Mu tura iska muke yi cikin balan-balan, alhali huhu jan sa ake yi daga waje, kuma ba ya taɓa yin fayau kamar balan-balan da aka saki. Huhu yana ja ciki, bangon ƙirji yana ja waje, inda ƙarfin biyu ya yi kunnen doki nan numfashin hutu yake tsayawa, da sauran iska wajen lita biyu da rabi a ciki. Idan wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya buɗe wa iska hanya zuwa sararin da ke tsakaninsu, huhu yakan tsuke ya faɗi, ƙirji kuma ya ɗan buɗe.

Ranar Alhamis kowane rukuni ya zo da gorar ruwa ta roba mai tauri da aka yanke gindinta. Za mu rataya balan-balan a cikinta daga baki, mu rufe gindin da safar hannu ta roba, mu ja safar ƙasa mu ga abin da zai faru, sannan mu huda gefen gorar da ƙusa mu sake ja. Kafin ranar, ku lissafa sauƙin buɗewar huhun da ya karɓi mililita 400 bayan matsin kewayensa ya sauka daga −5 zuwa −13 cmH2O, ku kuma rubuta ko da leda ya yi kama ko da balan-balan biyun da aka cusa a juna.