Hauwa'u a Titin Ahmadu Bello

Bayan mako biyu tana kewaya wani fili a bayan unguwar Gesse, inda ba ta haɗuwa da kowa sai awaki, ranar Litinin Malam Garba ya ce wa Hauwa'u lokaci ya yi da za ta hau babban titi. Ya duba jar alamar 'yan koyo da ke manne a gaba da bayan motar, ya zauna a gefenta, ya umarce ta da ta ɗaura bel ta gyara madubai.

"Baba, ba za mu bari sai yamma ba, idan hanya ta yi sauƙi?" in ji ta.

"Ɗiyata, a Birnin Kebbi yamma ta fi safiya cunkoso. Yi bismillah, ki taka kuloci."

Suna shiga titin Ahmadu Bello 'yan kabu-kabu suka yanyame ta hagu da dama, har wani da ya ɗauko buhun shinkafa ya gifta ta gabanta ba tare da ya waiwaya ba. Ta riƙe sitiyari gam, gumi yana tsattsafo mata ta ƙarƙashin hijabi. Malam Garba, wanda ya tsufa yana jan motar haya tsakanin Jega da Yawuri, bai ɗaga murya ba. Hannunsa dai yana kusa da birkin hannu, yana faɗa mata ta riƙa duban nesa, ta daina kallon hancin motar.

A bakin shataletalen Haliru Abdu ta taka birki ta manta da kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Nan take aka cika ta da oda daga baya, wani direban tifa kuma ya leƙo yana faɗa da ƙarfi cewa wanda bai iya ba ya koma gida. Idanunta suka kawo ruwa, ta kama marfin ƙofa ta ce, "Baba, ka zo ka karɓa, wallahi ba zan iya ba."

"Odar tasu ce, motar kuwa taki ce," in ji shi. "Mayar da giya firi. Tayar da ita. Yanzu sa giya ɗaya, ki duba hagunki, domin wanda ya riga ya shiga shataletale shi ke da hanya."

Ta jira wata mota mai ɗauke da albasar Aliero ta wuce, sannan ta saki kuloci sannu a hankali, ƙafarta tana rawa, har ta ji motar ta kama, ta ƙara totur kaɗan. Ta kewaya, ta kunna sigina, ta fita ta gangara gefen hanya ta tsaya tana haki.

"Mun gama ke nan, Baba?"

Malam Garba ya duba agogonsa. "Saura minti 20 a kuɗin da kika biya. Juya mu sake shiga, amma wannan karon ba zan ce miki komai ba."