Takardar Neman Bayani Kan Rashin Zuwa Aiki

Kantin Kwari, Kano
Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025

Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Tun ranar Litinin, 3 ga wata, ba mu gan ka a shago ba. Ba ka nemi izini ba, ba ka kuma aiko kowa ba. Mun yi ta kiran wayarka, a kashe. Jiya na tura yaro gidanka a Kurna, aka ce ba ka nan.

Ka san makullin sito da littafin bashi suna hannunka. Shekaranjiya dilolin atamfa suka iso, haka suka wuni a bakin shago, abokan cinikinmu na Maraɗi kuma suka koma hannu rabbana. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ban san ka da wannan hali ba.

Saboda haka ka kawo mini bayani a rubuce kafin azahar ɗin Asabar, 8 ga wata, ka faɗi dalili da ranar da za ka dawo bakin aiki, kada ta wuce Litinin, 10 ga wata. In rashin lafiya ce, haɗo da takardar asibiti. In wata matsala ce ta taso, faɗa mini mu duba tare.

Idan muka ji shiru, dole in kai maganar gaban Alhaji.

Wassalam,
Kabiru
Manajan shago