Saƙon tunin ganin likita: samfurin da za mu riƙa turawa

Zuwa ga ma'aikatan teburin kati. Daga wannan Litinin, wannan shi ne saƙon tes da za mu riƙa tura wa duk wanda aka sa wa ranar ganin likita. A tura shi da yamma, ana gobe za a ga mutum. Na cika shi da sunan wadda za mu fara gani ranar Talata:

Daga asibiti: Malama Hadiza, muna tuna miki ganin likita ranar Talata 14 ga Oktoba, 9:30 na safe. Ki zo da katinki. Turo 1 in za ki zo, 2 in a sauya rana.

Na ƙirga shi sau biyu, harafi 154 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Tes guda harafi 160 yake ɗauka, saura shida ke nan. Da zarar an haura 160, sai saƙon ya rabu biyu, kowane ɓari 153, a caje mu kuɗin biyu.

Za ku ga babu kalmar "ƙarfe" kafin 9:30, kuma da gangan na cire ta. In aka sa ta, ƙirgen zai tsaya a 160 cif, mutum ya ɗauka ya tsira. Amma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin jerin GSM-7 da ke ba da harafi 160 ɗin nan. Ɗaya kacal ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin UCS-2, inda tes guda ba ya wuce harafi 70, in kuma ya rabu kowane ɓari 67 ne. Ƙ ɗaya tak za ta mai da saƙon Malama Hadiza tes uku. Ban so mu rubuta "karfe" mu ɓata wa Hausa rubutu ba, shi ya sa na zauna na zaɓo kalmomin da dama can ba su da lanƙwasa. A kula da alamar da ke cikin Jumma'a ma, a sa miƙaƙƙiyar. Mai lanƙwasar da waya kan saka da kanta ita ma tana jawo wannan matsalar, haka nan 'yan hotunan murmushi.

Na namiji, harafi 152:

Daga asibiti: Malam Sani, muna tuna maka ganin likita ranar Laraba 15 ga Oktoba, 11:00 na safe. Ka zo da katinka. Turo 1 in za ka zo, 2 in a sauya rana.

In dattijo ne ko dattijuwa, a ce muku, ku zo, katinku. Tsawon bai canja ba, kuma wanda ya haife mu ya cancanci a yi masa magana haka ko da a tes ne.

Na uwa mai kawo yaro, harafi 151:

Daga asibiti: Malama Rabi, muna tuna miki kawo Aisha ranar Alhamis 16 ga Oktoba, 8:00 na safe. Ki zo da katinta. Turo 1 in za ku zo, 2 in a sauya rana.

Wani lokaci suna zai yi tsawo, ko watan ya zama Fabrairu, a ga ƙirgen ya kusa tsallakewa. A cire kalmar "ranar", an samu gurbin harafi shida. Kada a taɓa sunan rana, domin mutane da yawa Talatar suke riƙewa a ka, 14 ɗin takan shige musu.

Abin da na fi roƙonku a kai shi ne kada sunan ciwo, ko na gwaji, ko na sashen da mutum zai je ya shiga saƙon. Lambar da ke jikin kati sau da yawa ta miji ce, ko ta ɗa, ko ta maƙwabci, kuma saƙo yakan bayyana a fuskar waya tun ba a buɗe ta ba. Watan jiya wata baiwar Allah ta tsaya a gaban teburina, murya ƙasa-ƙasa, ta tambaye ni ko abin da za a turo zai faɗi dalilin zuwanta, domin wayar ta surukarta ce. Na ce mata "ganin likita" kawai za a rubuta, sai na ga ta saki jiki. Wannan alkawarin na ɗauka ne a madadinmu duka.

Duk wanda ya turo 2, a kira shi kafin a tashi aiki a ba shi wata rana, a kuma ba wani gurbinsa. Wanda bai amsa ba, a bar masa lokacinsa yadda yake, wataƙila kati ne babu a wayarsa.