Koci, karanta wannan kafin ka shiga wurin yara (hutun rabin lokaci, ana bin mu 0-1)

Koci barka da aiki. Na san minti 15 ne kawai a hannunka kuma kusan uku sun tafi wurin shan ruwa, to ga abin da munka rubuta daga saman filin wasa na Giginya ni da yaron da ke danna min agogo. Gyara uku ne, ban ƙara na huɗu ba don kar kan yaran ya ɗau zafi.

Da farko kar riƙe ƙwallo ya ruɗe mu. Eh takarda ta ce kashi 58 cikin 100 ƙwallon na ƙafarmu, 'yan kallo ma sai tafi suke, amma wallahi su sunka bar muna ita da gangan. Mun buga shot 7, guda 1 kacal ya nufi raga, 5 daga wajen bokis anka buga su, ɗaya ma sai da anka fita bayan allon talla nemo ƙwallon. Su kuwa shot 4, uku sun nufi raga, ɗaya ta shiga. Wato mu muna ta daka, su ke shan gari.

GYARA NA 1: lamba 8 ya sauko kusa da lamba 6 in muna fara wasa daga baya.

Mun zubar da ƙwallo sau 11 a namu rabin filin, 7 daga ciki a ƙafar lamba 6 ne ko a fasin ɗin da anka nufe shi da ita. Amma don Allah kar ka sauke mishi kwandon faɗa gaban mutane, yaron ba lalaci ya yi ba, shi kaɗai anka bari a tsakiya. Ga yadda abin ke faruwa kowane lokaci: gola ya ba lamba 4, lamba 9 ɗinsu ya lanƙwaso gudunshi ya toshe hanyar lamba 5, to 4 ba shi da wanda zai ba sai 6, shi kuma 6 yana karɓa bayanshi na kallon ragarsu bai san mi ke zuwa ba, kafin ya juya lamba 10 ɗinsu ya riga ya hau wuyanshi. Haka ƙwallon minti na 23 ta faro. Lokacin 8 da 10 namu duk suna can gaba sun ɗaga hannu suna jiran a kawo musu awa masu jiran rabon zakka.

Abin da za ka ce: 8 ya dawo gefen 6, tazarar taku goma ko sha biyu, ɗan gaba kaɗan ba layi ɗaya ba. Mutum ɗaya ba ya makin mutum biyu, 10 ɗinsu dole ya zaɓa. In 6 ya ji mutum a bayanshi taɓawa ɗaya ya mayar ko ya karkatar wa 8, ba juyi ba burgewa. Kuma na baya su riƙa yi mishi magana, ko "bayanka" kawai sunka ce ya isa, daga nan sama ban ga wanda ya buɗe baki ba tun da anka fara.

In sun matso da yawa gola ya daina naci da gajeren fasin. Iskar hunturun nan da ta dame mu tun ƙarfe 4 yanzu bayanmu za ta koma tunda an juya gida, ya tsallake su da doguwa zuwa gefen hagu, kuma ka tuna ma lamba 11 babu ofsaid in daga gol kik ƙwallon ta fito kai tsaye, yana iya tsayawa bayan layinsu abinshi.

GYARA NA 2: lamba 3 ya zauna gida.

Sun shigo bayanmu da hari sau 13, 9 ta ɓangaren hagunmu, duk ta ramin da 3 ke bari in ya haura. Lamba 7 ɗinsu ba ya ma dawowa tsaro, yana tsaye bakin layin tsakiya yana jiran kanta-atak, kuma ya fi lamba 5 namu gudu nesa ba kusa ba, sau uku suna tsere sau uku yana barin shi. To 3 ya tsaya layi ɗaya da 4 da 5 in ƙwallo na hannunmu, mu zama uku a baya, lamba 2 ne kaɗai ke da izinin haurawa. In kwana munka samu ma mutum biyu su rage tare da wanga 7 ɗin, ba ɗaya ba.

Na san 3 zai ɓata rai don yana son hawa, amma kurosin 6 ya yi babu wadda ta sami kan namu.

GYARA NA 3: a daina kurosin ta sama, a kai ƙwallo ƙafar lamba 11.

Wannan shi na fi so ka daɗe a kai. Kurosin 14 munka yi, 2 kawai sunka taɓa ɗan wasanmu. 4 da 5 ɗinsu dogaye ne, a hedin 15 da anka yi takara da lamba 9 namu sun ci 12, yaron duk ya gaji da tsalle a banza, har golansu ya fara fitowa yana cafke ƙwallo da murmushi. Amma ka duba ɗayan gefen: 11 ya tunkari lamba 2 ɗinsu gaba da gaba sau 5, ya wuce shi sau 4. Wancan 2 ɗin ya yi keta uku, rafali ya ba shi yalo a minti na 31, tun daga nan tsoron sa ƙafa yake, baya baya kawai yake ja. Sai ga abin haushi, daga minti na 25 zuwa busa ƙwallo 3 kacal ta kai ga 11. Bayan an ci mu kowa ya ruɗe ya koma dama yana cilla ta sama.

To a jawo su dama da fasin biyu uku, 8 ko 10 ya juya wasa hagu da sauri, kuma tunda 3 ba zai hau ba babu mai jawo wani mai tsaro wurin, 11 da 2 ɗinsu su kaɗai. Ya shiga da ita har kusa da layin ƙarshe ya mayar da ita baya A ƘASA wajen ɗigon fenariti. Lamba 9 ya ruga sandar kusa ya ja dogayen nan biyu, 10 ya shigo a makare ya same ta, 7 ya rufe sandar nesa. Shot ɗinmu ɗaya da ya nufi raga a minti na 17 ta haka ya zo, ka tuna musu da shi. Kuma shot daga nesa a bari sai in babu kowa gabanka.

Maganar canji ni a ganina kar ka taɓa kowa yanzu, duk da na hutu ba ya cin ko ɗaya cikin damar ukun da doka ta ba mu. Ba mutanen ne matsalar ba, tsayuwarsu ce. Sai dai lamba 10 na gan shi yana dafa bayan cinya sau biyu kusa da busa, a sa mai duba lafiya ya taɓa shi, lamba 14 ya fara ɗumama jiki.

Zan ci gaba da ƙirga abu biyu, zubar da ƙwallo a rabinmu da yawan ƙwallon da ke kai wa 11. Zuwa minti na 60 in 11 bai samu aƙalla biyar ba zan turo yaro benci ya faɗa maka. In kocinsu ya cire lamba 2 saboda katin, kar a canza komai sai mun gwada sabon sau biyu tukuna.

Allah ya ba mu sa'a, shiga wurinsu Koci saura minti tara.