Saƙo zuwa ga Yaya kan kuɗin kayan ɗakin Ummi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya shirin biki? Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Na ga saƙonka na neman dubu 250 don kayan ɗakin Ummi tun daren Talata, kuma ba share ka na yi ba. Kwana biyu ina juya maganar a raina. Jiya bayan isha'i ni da maman Abba muka zauna da biro da takarda, muka lissafa abin da ke shigowa da abin da ke fita, ko za a samu inda za a matse. Ba a samu ba.

Yaya, dubu 250 ɗin nan ba ni da halinsu, ko kyauta ko rance. Gara in faɗa maka yau da sauran mako 6, da in ce maka "bari mu gani" ka sa rai, ranar jere ta zo in ba ka kunya a gaban surukai.

Hayar gidanmu na Tudun Jukun ta ƙare tun watan jiya, mai gida ya aiko yaronsa sau biyu. Kuɗin makarantar yara rabi na biya. Ga maganin Hajiya na hawan jini da suga, ga kai ta asibitin Shika duk wata, ka san wannan ba ya jira, kuma ba zan taɓa kuɗinsa ba ko don me. Adashin da ka ambata kuwa na riga na kwasa tun azumi, yanzu zubi kawai nake yi. Bashi ma na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ci ba sai na sauke wanda ke wuyana.

Don Allah kada ka kai wa Hajiya maganar don ta sa baki. Ba za ta canza lissafin ba, sai dai ta hana ta barci.

Ummi 'yata ce. A kafaɗata ta girma, ni na fara kai ta Islamiyya tana kuka tana riƙe da rigata, wallahi abin ya yi min ciwo da bikinta ya same ni a haka. Abin da nake da shi ba zan riƙe ba. Akwai buhun masara ɗaya da na ajiye daga gona, zan aiko da shi don abincin baƙi. Ranar Asabar kuma in kana da sarari mu shiga Sabon Gari tare, akwai kafintan da ya yi mana gado, mutumin kirki ne, zan roƙe shi ya yi ragi ya karɓi kuɗinsa kashi biyu. In kujerun sun yi nauyi a fara da gado da katifa da sif, sauran su biyo baya.

Ka yi haƙuri, ka yafe min. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan biyo ta Ƙofar Doka in same ka a gida mu ƙarasa. A gaishe min da Anti da amarya.

Ƙaninka,
Baban Abba