Waiwaye kan maganar albasar kicin, saƙona na 8 ga Afrilu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe Hajiya, barka da warhaka. Ya aiki, ya iyali, ya kuma aka ji da zafin Legas na kwanakin nan? Ina fata Alhaji da yara duk suna lafiya. Kawu yana gaishe ki, ya ce in yi miki ban gajiyar ɗaurin auren Agege, wanda har yau ake labarin abincinsa.

Hajiya, na leƙo ne kan maganar albasar da muka fara ran walimar, wadda kika ce in rubuto miki ita a tsare don ki nuna wa masu kula da kuɗi na ofishinku. Na turo saƙon ranar Talata, 8 ga Afrilu, da takardar farashi a liƙe. Na san lokacin ya zo a tsakiyar hidima: an dawo daga hutun ƙaramar Sallah aiki ya taru, sai ga hutun Ista ya cinye Juma'a da Litinin. Wanda ke ciyar da ma'aikata a kicin uku, Ikeja, Apapa da Victoria Island, ba ya rasa abin da ke gabansa. Akwai kuma wani abu daga ɓangarena. Na lura saƙonnin da nake liƙa wa takarda wani lokaci sukan zarce akwatin `Spam` maimakon `Inbox`, ya faru da ni da wani abokin ciniki a watan jiya. Don haka wannan karon ban liƙa komai ba, na zuba bayanin a jikin saƙon, in ban da farashi da ke takardar farko.

Abin da kika nema shi ne buhu 40 na jar albasa duk mako, a raba wa kicin ukun. Zan iya, da yardar Allah. Kayan na Aliero ne a jihar Kebbi, noman rani, wanda aka cire aka bar shi ya sha iska har wuyansa ya bushe. Wannan ita ce albasar da ke jure zama a sito. Ɗanya mai jiƙaƙƙen wuya ta fi araha a kasuwa, gaskiya ne, amma a laimar Legas kwana kaɗan take yi ta fara tsiro ko ta ruɓe daga ciki, mai girki ya yanka ya tarar da rabi na zubarwa ne. Ba zan kawo miki irinta ba ko da kin ga farashinta ya fi daɗi a takarda.

Motarmu takan tashi daga Aliero ta bi Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ta haye gadar Jebba zuwa Ilori, Ogbomosho da Ibadan, ta sauke a Mile 12. Idan hanya ta yi kyau kwana 2 ne zuwa 3, idan an samu cunkoson tireloli wajen Mokwa takan kai 4. A Mile 12 yarana suke zazzage kowane buhu, su tsince wadda ta ƙuje ko ta yi laushi, su sake ɗurawa. Asarar tsincen tawa ce, ba ta shiga lissafinku. Daga nan ƙaramar mota ke ɗauka bayan sallar asuba. Na Ikeja ba shi da wuya. Na Victoria Island ne ke son sammako, domin in ba a haye gadar Third Mainland kafin ƙarfe 6 ba, sai dai direba ya yi haƙuri. Apapa kuwa kin fi ni sanin halinta da manyan motocin tashar jiragen ruwa, shi ya sa na ba da shawarar a kai nata ran Asabar.

Farashin da na rubuta a takardar farko yana nan, ban taɓa shi ba, kuma ya haɗa da kuɗin mota da na 'yan dako har ƙofar sito. Biya kuwa kamar yadda kika ce tsarinku yake: a kawo kaya, mai sito ya ƙirga ya sa hannu, a tura kuɗi ta banki cikin kwana 14. Ban nemi kafin alƙalami ba.

Abu guda ne ya sa na ga ya dace in sake taɓo ki yanzu maimakon in bari sai mun haɗu. Ranar Laraba, 30 ga Afrilu, za a yi mana lodi a Aliero, kuma nakan faɗa wa wakilina adadin buhunan da zai tanada kwana 2 kafin nan, wato Litinin 28 ga wata. Wannan ne lokacin da albasa ta fi sauƙi a shekara, kaka ce. Da an shiga damina manoma sukan ɓoye abin da ya rage a rumbu, kaya su ragu a kasuwa, kuɗi ya fara hawa, ga babbar Sallah tana tafe a farkon Yuni, lokacin da kowane gida ke neman albasar suya. Idan na ji daga gare ki kafin Litinin ɗin, zan sa a ware naku a wannan farashin har na wata 2. Idan kuma bai samu ba, babu abin da ya ɓaci, mota ba ta daina zuwa. Sai dai in sake duba kasuwa in turo sabon lissafi, kuma na fi son ki ji haka daga bakina tun yanzu da a ce daga baya kin ga lamba ta canja ba bayani.

Ba sai kin zauna rubuta doguwar amsa ba, Hajiya. Kalma ɗaya ta wadatar. In kin ce "a kawo", mu fara daga makon farko na Mayu. In magana tana teburin manya ba ta sauko ba, ki ce "tukuna", in san ina jira, ba zan dame ki ba sai kin neme ni. In kuwa kun riga kun daidaita da wani, wallahi ba komai, rabo ne, kuma zumuncinku da Kawu ya girmi maganar albasa. Haka nan idan ba ke ce ke riƙe da wannan ɓangaren yanzu ba, ki nuna mini wanda zan tuntuɓa, in sauke miki nauyin.

Na kuma yi tunanin wataƙila masu girkin za su so su ga kaya da idonsu kafin a sa hannu a komai. Ranar Alhamis ɗin nan ina da kai kaya wani otal a Ikeja, kusa da ku. In kin yarda, zan ajiye buhu 1 a kicin ɗinku na can, kyauta, su yanka su gani, su bar sauran a sito mako guda a ga yadda za ta yi. Ban so in aika ba tare da izininki ba, kada mai gadi ya rasa wanda zai kira.

Lambata ita ce wadda na kira ki da ita ran walima. Da safe hayaniyar kasuwa ba ta barin a ji waya, amma bayan la'asar ina kusa da ita, saƙon murya ma ya isa in ya fi miki sauƙi.

Allah ya ƙara girma, ya yi wa aiki albarka. A gaida Alhaji.

Wassalam,
Ɗanki mai albasa,
Kasuwar Mile 12, Ketu, Legas
Talata, 22 ga Afrilu