Kawu, maganar sashen rigima a yarjejeniyar riɗin nan

Assalamu alaikum Kawu, barka da dare. Na karanta takardar da mutumin Mersin ta ƙasar Turkiyya, mai sayen riɗinmu, ya turo tun daga farko har ƙarshe, farashi da ranar lodi a Apapa duk ba matsala, amma sashe na 14 ɗin nan don Allah kar a sa hannu tukuna. Ya rubuta wai in rigima ta taso kotun Istanbul za a je. Na san za ku ce a mayar da shi kotun Legas kawai, to shi ma ba zai fisshe mu ba. Kashi 30 zai bayar kafin lodi, ragowar sai kwantena 6 ɗin sun hau jirgi, ranar da ya buɗe buhu ya ce riɗin da ƙasa a ciki ya riƙe kuɗinmu, ko mun yi nasara a nan ba shi da ko tsinke a Najeriya, asusunsa da sitonsa duk suna can, sai mun ɗauki hukuncin mun je mun roƙi kotun Turkiyya ta amince da shi, su kuma sai sun duba ko akwai ban gishiri in ba ka manda tsakanin ƙasashen biyu. Ga ɗaukaka ƙara, daga babbar kotu har kotun ƙoli, shekaru ne.

Shi ya sa na fi son abitireshan, wato mu da shi mu amince da wanda zai yanke mana hukunci. Akwai yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin abitireshan a wata ƙasa, Najeriya ta shiga a 1970, Turkiyya ma tana ciki, don haka kotunsu za ta zartar da hukuncin ba tare da ta sake shari'ar ba, sai in an samu babban kuskure kamar ba a sanar da shi zaman ba. Gaskiya akwai tsada, mu za mu biya mai hukuncin, kuma in ya yanke ya yanke, ba a ɗaukaka ƙara don kawai bai yi mana daɗi ba.

Ga abin da nake so a sa, gobe zan juya shi Turanci:

"Duk saɓanin da ya taso daga wannan yarjejeniya, ɓangarorin biyu za su fara neman sulhu cikin kwana 30. In bai yiwu ba, za a warware shi ta abitireshan bisa dokar abitireshan da sulhu ta Najeriya ta 2023. Mai hukunci ɗaya ne, mazaunin shari'ar Legas, harshe Turanci, dokar Jihar Legas ce za ta yi aiki, kuma ana iya zama ta bidiyo."

Mutum ɗaya na sa saboda uku za su cinye ribar. In ya ƙi Legas mu ba shi Landan, amma Istanbul a'a. Zan shigo Agege bayan azahar in sha Allah, a ajiye min hoton takardar gwajin riɗin.